Shirun Awa 34 da Rabi

Mu biyu ne, wa da ƙani, ciki ɗaya muka fito, kuma kamfani ɗaya muke wa aiki a Kano. Dukanmu kimiyyar kwamfuta muka karanta, shekara uku ce tsakaninmu. A ofis ba a cika kiran sunayenmu ba, sai dai a ce "ina 'yan gida ɗaya?" Mu ma mun saba, har ta kai idan aka tambayi ɗayanmu ko ya gama wani aiki, amsar da ke fitowa ita ce "mun gama."

Kamfanin ƙarami ne, ma'aikata ba su kai ashirin ba. Manhajar da muka gina ita ke lissafa albashin malamai a wasu makarantu masu zaman kansu. Ranar 28 ga kowane wata da ƙarfe 6:00 na safe take tashi da kanta, ta lissafa haƙƙin kowa, ta tura wa akawun kowace makaranta ya duba ya amince, sannan kuɗi su fita. Saboda wannan rana ake sa mutum biyu a shirin ko-ta-kwana. Idan wani abu ya tsaya, wayar na farko ce za ta yi ƙara. Idan minti 15 ya wuce bai amsa ba, sai ƙarar ta koma wayar na biyu. A wancan watan, babbanmu ne na farko, ƙaraminmu ne na biyu. Ba wanda ya ga aibin haka, har mu da muka tsara jadawalin da hannunmu.

Ranar 28 ɗin ta faɗo Alhamis. Kafin kiran assalatu Umma ta tashi alwala, muka ji faɗuwar buta. Muka same ta a ƙofar banɗaki, bakinta ya karkace, hannun dama ya saki, tana son ta kira sunan ɗayanmu harshen ya ƙi. Maƙwabci ya fito da mota, kafin ƙarfe biyar da rabi muna asibiti. Wayar babba tana aljihunsa, amma kwana biyu ba wuta a unguwa, ta mutu muna layin yankar kati. Wayar ƙarami tana ƙarƙashin matashin kai a gida.

Da ƙarfe 6:00 manhajar ta tashi, ta fara aiki, ta tsaya. Faifan ajiyar saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, ya cika da tsofaffin bayanan da muka daɗe muna cewa za mu share. Abin da ta rubuta kafin ta tsaya layi ɗaya ne:

```
No space left on device
```

Ma'ana babu sauran wuri. Gyaransa ba ya cin kwata. Akwai wata ƙaramar ma'aikaciya a ofis da ta gane matsalar tun ƙarfe tara na safe, kuma ta san yadda ake gyara ta. Abin da ba ta da shi shi ne izinin shiga sabar, domin mabuɗin yana kwamfutocinmu mu biyu kaɗai. Ta zauna tana kallon ƙofar da ta san abin da ke bayanta, wayar ofis kuma tana ta ƙara, akawu bayan akawu.

Ba mu kira Oga ba sai ranar Juma'a da ƙarfe 4:30 na yamma. Ƙarami ya koma gida ya buɗe kwamfuta, cikin minti 12 komai ya tashi. Amma makarantu sun riga sun tashi, akawun da za su amince sun tafi hutun ƙarshen mako. Malaman makarantu tara ba su ga albashinsu ba sai Litinin.

Ranar Asabar Oga ya zo dubiya. Ya kawo lemo da kankana, ya durƙusa ya gaida Umma duk da ba ta iya amsawa, ya yi addu'a, ya cusa wa yayarmu ambulan a hannu. Muka raka shi har mota. Bai ce uffan a kan aiki ba. "Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne," shi ne ƙarshen maganarsa.

Muna dawowa sai ƙarami ya ce, "Ka ga, ya wuce." Mun so mu yarda da haka. Amma mun san ba a kawo maganar aiki a gaban gadon marar lafiya, kuma wanda ya yi shiru a irin wannan wuri mutunci ya yi, bai yafe komai ba tukuna. Dubiya haƙƙin Umma ce ya sauke. Haƙƙinsa da ke kanmu yana nan.

Daren Asabar muka zauna a barandar asibiti muka fara rubuta takardar ban haƙuri a waya. A al'adarmu, idan ka yi wa babba laifi, zuwa kake yi da ƙafarka, wani lokaci ka ɗauki dattijo ya raka ka. Mun yi niyyar yin haka. Sai dai ofis yana da fayil, kuma fayil ba ya jin durƙuso. Kwana biyu ba mu zo ba, ba mu kira ba, wannan an riga an rubuta shi a wani wuri. Idan ba mu ajiye bayaninmu kusa da shi ba, bayan shekara biyu wanda zai buɗe fayil ɗin rashin zuwan kawai zai gani. Mun kuma fi so takardarmu ta riga takardar neman ba'asi, wadda ake kira kweri, isa teburin Oga. Wanda ya kawo kansa da wanda aka kirawo ba ɗaya ba ne.

Mun duba matsayinmu kafin mu fara. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 16, ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa idan shi da kansa ba shi da lafiya kuma likita ya shaida. Ba ta yi maganar jinyar uwa ba, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta ware masu aikin ƙwararru irin namu. Saboda haka abin da ke ɗaure mu shi ne takardar ɗaukar aikin da muka sa wa hannu. A ciki an rubuta cewa wanda ya yi kwana uku na aiki a jere bai zo ba kuma bai sanar ba, za a ɗauka ya bar aikin da kansa. Mun yi biyu. Da mun bari har Litinin, da ba ban haƙuri muke rubutawa ba, da roƙon a maida mu ne.

Takardar farko ta yi tsawo. Mun fara da faɗuwar buta, muka bi ta kan layin kati, da hoton ƙwaƙwalwar da aka tura mu wani gini mu biya, da maganin da muka zagaya kantuna uku kafin mu samu. Duk gaskiya ne. Ban haƙurin ya zo a layi na ƙarshe, shi ma a ɗosane: "Muna ba da haƙuri a kan duk wani tsaikon da aka samu."

Da safe muka miƙa wa Kawu wayar. Ƙanin Umma ne, ya yi shekaru a sashen kula da ma'aikata na wata ma'aikatar gwamnati kafin ya yi ritaya, ya rubuta kweri ya kuma karanta amsoshinta fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe.

"Wannan takardar jaje kuke nema," in ji shi. "Mutumin ya riga ya yi muku jaje jiya da kankana. Ina laifin da kuke ba da haƙuri a kai?"

Muka ce, "Kawu, ai ga shi nan a ƙasa."

"Tsaikon da aka samu. Wa ya samo shi? A hanya aka tsince shi?"

Ya ce duk wanda ya daɗe a ofis ya san wannan "an" ɗin. An samu matsala, ba a samu an kira ba, an yi rashin sa'a. Kalma ce mai ɗaukar laifi ta ajiye shi a tsakar gida, ba na kowa ba. Ya kuma ce mun sa Umma a gaba kamar garkuwa, ta yadda idan Oga ya yi fushi zai ji kamar da marar lafiya yake fushi. "Ba ku bar masa ƙofar da zai ce kun ɓata masa rai ba. Wanda kuma aka hana faɗin ɓacin ransa, ajiye shi yake yi."

Takarda ta biyu ta karkata ɗaya gefen. Muka zuba kalmomin nadama, muka ce mun ci amana, ba mu cancanci aikin ba, duk hukuncin da aka yanke mun karɓa. A tsakiyarta kuma muka dasa wata jimla: "Wayoyinmu duka ba sa hannunmu." Mun daɗe muna kallon wannan jimla. Gaskiya ce har zuwa ƙarfe 11:40 na safiyar Alhamis. Daga nan ta zama ƙarya.

A wurin aikinmu, duk lokacin da manhaja ta faɗi, muna rubuta rahoto bayan an gyara. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kafin a ce komai game da dalili, sai an jera abin da ya faru da lokacinsa, daga bayanan da na'ura ta ajiye, ba daga abin da mutum ya tuna ba. Mun rubuta irin wannan rahoto ya fi sau goma a kan kwamfutoci. A ranar Lahadin nan muka yi shi a kan kanmu. Muka ajiye wayoyin biyu a kan benci muka bi jerin kira da saƙonni.

Ƙarfe 11:40 yayarmu ta kawo wayar ƙarami da caja. Akwai kira 14 da ba a ɗauka ba. Ƙarfe 11:42 ya rubuta a zauren dangi na WhatsApp cewa Umma tana asibiti, a sa ta a addu'a. Ƙarfe 1:15 ya buɗe saƙon Oga: "Kuna ina? Albashi bai fita ba." Alamar nan biyu ta koma shuɗiya a wayar Oga. Bai amsa ba, domin da asuba ya ga babba ya ari wayar maƙwabci ya koma gefe yana magana, sai ya ɗauka Oga ya kira. Kawu ya kira. Wajen ƙarfe biyu wayar babba ta farfaɗo, ya ga nasa kiran da saƙonnin, ya ce a ransa ai ƙarami yana da waya tun hantsi, ya riga ya yi magana. Muna ɗaki ɗaya, muna miƙa wa juna ledar magani, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Sai bayan isha'i, wajen ƙarfe tara, babba ya ce, "Me Oga ya ce da ka kira shi?" Muka tsaya muna kallon juna.

Da muka jera lokutan, sai shirun ya rabu gida uku. Daga ƙarfe 6:00 zuwa 11:40, awa biyar da minti 40, babu waya a hannunmu, kuma ko da akwai, ba mu da hankalin da za mu tuna da wani albashi. Wannan ba ma ba da haƙuri a kansa, kuma da za a maimaita ranar, haka za mu sake yi. Daga 11:40 zuwa tara na dare, awa tara da minti 20, kowa ya jingina da ɗan'uwansa. Wannan sakaci ne, kuma akwai son rai a ciki, domin saƙon da ke cewa albashi bai fita ba ya isa ya nuna cewa ba wanda ya yi magana. Mun zaɓi zaton da ya fi mana sauƙi.

Kashi na uku shi ne mafi tsawo, awa 19 da rabi, daga tara na daren Alhamis zuwa 4:30 na yammacin Juma'a. A nan mun san ba a kira ba. Muka ce dare ya yi, sai da safe. Da safe muka ce bari likitoci su gama zagaye, mu sami abin faɗa. Da suka gama muka ce bari a sauko Juma'a. Ba ciwon Umma ne ya riƙe mu ba, a lokacin ta samu barci, yayarmu na gefenta. Kunya ce. Kowace awa da ta wuce tana ƙara wa kiran nauyi, nauyin kuma yana sa mu ƙara awa. Fiye da rabin shirun namu, Umma ba ta da hannu a ciki.

Abin da ya fi mana ciwo shi ne mun san wannan darasi a sana'armu. Idan wata manhaja ta nemi abu a wurin wata, kuma waccan ba za ta iya ba, abin da ake so shi ne ta faɗa nan take. Akwai ma lamba ta musamman, `503`, wadda ke nufin ba na iya aiki yanzu. Mai nema yana jin haka sai ya nemi wata hanya. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta karɓi saƙo ta yi shiru, domin duk mai jiranta zai tsaya cak, bai san ko ya jira ba ko ya tafi, waɗanda ke bayansa su ma su tsaya. Mun sha yi wa sababbin ma'aikata wannan bayani. Oga bai buƙaci mu baro Umma mu zo ofis ba. Kalma goma sha ɗaya yake buƙata: muna asibiti, ba za mu iya ba, ga wanda zai buɗe. Da ya samu wannan da tsakar ranar Alhamis, da yayarmu ta kai kwamfuta ofis a adaidaita, mu faɗa wa yarinyar kalmar sirri a waya, albashi ya fita kafin la'asar.

Muka rubuta ta uku, muka cire kowace "an", muka sa "mun". Mun yi sakaci, mun ga saƙo, mun ƙi amsawa. Kawu ya karanta ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Saura kaɗan. Wa ya buɗe saƙon ƙarfe ɗaya da kwata?"

Ƙarami ya ce shi ne.

"Wa ke kan aiki na farko a ranar?"

Babba ya ce shi ne.

"To wannan 'mun' ɗin taku ita ce ta kai ku nan. Kowa ya ɓuya a cikinta ranar Alhamis, yanzu kuma kuna so ku sake ɓuya a cikinta a takarda. Ku bar ta inda kuka yi tarayya. Inda mutum ɗaya ya yi, ya ce ni."

Wannan ne ya fi mana wuya. Babba ya so ya ɗauke duka, kamar yadda ya saba tun muna yara idan an fasa tulu. Ƙarami ya ƙi. Har muka ɗan ɗaga wa juna murya a baranda, wata nas ta leƙo. A ƙarshe ga abin da muka tura ranar Litinin da ƙarfe 7:30 na safe, da Turanci domin fayil, amma da Hausa muka fara tsara ta:

"Yallaɓai, assalamu alaikum. Mun rubuto ne mu ba da haƙuri a kan rashin zuwanmu aiki ranar Alhamis da Juma'a, da kuma rashin sanar da kai har zuwa ƙarfe 4:30 na yammacin Juma'a, alhali mu ne ke kan shirin ko-ta-kwana ranar biyan albashi.

"Da asubahin Alhamis mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, muka kai ta asibiti. Har zuwa ƙarfe 11:40 ba mu da waya a hannu. Daga wannan lokaci muna da halin sanar da kai, ba mu yi ba.

"Ni, ƙarami, na karanta saƙonka da ƙarfe 1:15 ban amsa ba. Na ɗauka yayana ya kira ka, kuma ban tambaye shi ba.

"Ni, babba, ni ne na farko a jadawali, sanarwar a wuyana take. Wayata ta dawo da ƙarfe biyu, na ga kiranka, ban kira ba. Da ƙarfe tara na dare mun gane ba wanda ya yi magana, amma muka bari har washegari da yamma. Wannan jinkiri ba shi da alaƙa da rashin lafiyar.

"Mun san abin da ya jawo: malaman makarantu tara sun kai yau ba albashi, kai da abokiyar aikinmu kun kwana biyu kuna amsa kiran da ba ku da amsarsa. Cikar faifan ma aikinmu ne da muka ɗage.

"Yau kafin azahar za mu ba mutum na uku izinin shiga saba, mu kuma sa gargaɗi idan faifai ya kai kashi 80 cikin ɗari. Muna roƙon kada a sake haɗa mu a jadawali ɗaya. Mun haɗo da lambar yayarmu da adireshinmu na yanzu, da katin kwantar da mahaifiyarmu. Muna neman a cire kwana biyun daga hutunmu na shekara, idan ka ga ya dace. Babba zai dawo aiki yau, ƙarami ranar Laraba. Mun gode da zuwanka ranar Asabar."

Muka sa hannu mu biyu, muka tura wa Oga, da kwafi ga mai kula da ma'aikata. Ciwon Umma ya samu jimla ɗaya a ciki. Katin da ke nuna ranar da aka kwantar da ita kawai muka haɗa, ba mu sa sakamakon hoto ko sunayen magunguna ba, domin ofis ranar yake buƙatar tabbatarwa, sauran sirrinta ne. Ba mu kuma rubuta "ba za a sake ba" ba. Kawu ya ce kowa yana rubuta wannan, ba wanda ke karanta ta, kuma ba mu da ikon yi wa kowa alkawarin cewa ba za a sake faɗuwa da asuba a gidanmu ba. Abin da ke hannunmu shi ne idan an sake, ofis ba zai tsaya ba.

Maganar lamba da adireshi tana da dalili. A fom ɗin da muka cike ranar ɗaukar aiki, inda aka ce a rubuta wanda za a nema idan wani abu ya faru, babba ya rubuta ƙarami, ƙarami ya rubuta babba. Adireshin kuma na gidan hayar da muka tashi ne tun bara.

Oga ya kira babba ofishinsa bayan azahar. Takardar tana gabansa, ya buga ta a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin wuri ɗaya.

"Na ɗauka hatsari kuka yi," in ji shi. "Na tura direba tsohon gidanku, aka ce kun tashi. Har ƙarfe ɗaya ina addu'a ne. Da na ga an karanta saƙona, sai na daina addu'a na fara fushi."

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai."

"Da kun rubuto min cewa wayoyinku sun mutu kwana biyu, da na karɓa ban ce komai ba. Amma da na san abin da zan yi da ku a ƙarshen shekara."

Bai ce ya wuce ba. An sa wa kowannenmu takardar gargaɗi a fayil, an cire kwana biyun daga hutu. Ɗaya daga cikin makarantun ba ta sabunta kwantiraginta ba da zango ya ƙare, kuma ko da ba a faɗa ba, mun san inda abin ya samo asali. Ƙarin matsayin da ake maganar yi wa babba an ɗage shi, har yanzu ba a sake tayar da maganar ba. Takardar ba ta goge ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ta yi shi ne, da aka zo zaɓen wanda zai horar da mutum na uku a kan sabar, mu aka ba, kuma Oga bai daina amsa gaisuwarmu da sunayenmu ba.

Akwai wadda takardar ba ta isa gare ta ba. Abokiyar aikinmu ba ta da fayil ɗin da za ta ajiye ban haƙurinmu, ita ce kuma akawu tara suka sauke wa fushinsu a kunne, wani har ya tambaye ta ko kamfanin ya gudu da kuɗin ne. Ranar Laraba muka same ta a teburinta mu biyu. Ba mu kawo maganar asibiti ba, ta riga ta sani. Kowa ya faɗi nasa kason kamar yadda yake a takarda. Ta saurara, ta ce, "Ni ba zuwanku nake jira ba. So nake kawai in san ko in ci gaba da cewa su jira, ko in ce su haƙura." Ita ce yanzu ke riƙe da mabuɗi na uku.

Umma ta dawo gida bayan kwana 16. Tana takawa da sanda, hannun dama bai gama dawowa ba, maganarta tana fita a hankali. Muna kai ta gashi sau biyu a mako, Talata da Alhamis, kuma kwanakin suna rubuce a jadawalin ofis tun farkon wata. A wayar kowannenmu akwai wani gajeren saƙo da muka rubuta muka ajiye, ba mu taɓa tura shi ba: "Yallaɓai, larura ta same mu, ba zan iya zuwa ba. A nemi mai mabuɗi na uku. Zan kira kafin azahar." Yayarmu ma tana da shi, da lambar Oga.

Wata rana da daddare muna ba Umma labarin, don mu sa ta dariya da maganar fom ɗin da kowa ya rubuta sunan ɗan'uwansa. Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana haɗa kalmomin, muka jira.

"Malaman nan," ta ce, "su kun ba su haƙuri?"

Ba mu ba su ba. Ba mu san ko ɗaya daga cikinsu ba sai a jerin sunaye da lambobin asusu. Washegari babba ya shiga wurin Oga ya nemi izinin mu rubuta wa kowace makaranta layi uku a liƙa a ɗakin malamai. Oga ya ce mu kawo ya gani tukuna.